Saƙon Kaka Falmata a Memorin Bogi

Salamu alaikum mutanen shafina, masu data da masu jiran maƙwabci ya kunna musu. Ku matso kusa, yau daga Fagge na ɗauko muku labari. Wanda ya zo don dariya zai samu kaɗan, amma kar ya saki jiki.

Akwai wani gaye, Hamzat, yana tsaron shagon atamfa da leshi na baffansa a Kantin Kwari. Irin samarin nan ne da in sabon kaya ya sauka, kafin a gama kwance dila sun ɗauki bidiyo goma sun watsa a sitatus: "Hajiya ga shi ya iso, saura kala biyu." Kala biyun nan kuwa har shekara ta zagayo ba sa ƙarewa. Wayarsa kullum a cike take, tana ta yi masa ƙorafin babu wuri, shi kuma yana share saƙon kamar ba da shi ake ba.

A cikin tarkacen nan akwai bidiyo guda ɗaya da ba na kasuwa ba.

Kakarsu, Kaka Falmata, 'yar Borno ce da aure ya kawo Fagge tun tana yarinya. Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya, amma in magana ta fito daga zuciya, ko faɗa ko addu'a, sai ta koma Kanuri. Khairiyya, ƙanwar Hamzat, a ɗakinta ta tashi, cikin hayaƙin turaren wuta, don haka ita tana jin yaren tsaf. Shi kuwa gogan naku, gaisuwa kawai ya iya, sai zagi guda biyu da ya sha a jikinsa.

Da ciwo ya kwantar da tsohuwar, wata rana da hantsi ta kira shi.

"Kai mijin banza, kawo wannan abin naka da kake ɗaukar zannuwa."

"Amarya, hoton zance za a yi? Bari in sa hula."

"Rufe min baki. Ba zan ga ranar da za a kai ƙawata Khairiyya ɗakinta ba, na sani. Faɗan da ake wa amarya kafin a fita da ita, ni zan yi mata nawa yanzu. Ka ajiye. Ranar nan ka kunna mata, ba kafin nan ba."

Ta sa aka ɗaura mata ɗankwali, aka jingina ta da filo, ta yi magana mai tsawo da Kanuri. Hamzat yana riƙe da waya hannunsa har ya yi tsami. Ba a daɗe ba ta rasu.

Za ku ce me ya sa bai tura wa Khairiyya ba? Ya yi niyya. Ita ta hana. "Yaya, in ya shigo wayata wallahi sai na kalla. Ka riƙe kawai." Za ku ce intanet fa? Bidiyon ya fi giga uku, wurin ajiyarsa na kyauta kuma tuni leshi ya cinye shi. Kullum cewa yake zai gyara. Kun san irin wannan "zan gyara" ɗin, ku ma kuna da naku.

To, aka sa ranar Khairiyya. Hamzat ya dubi wayarsa mai tsagaggen gilashi ya ce a'a, yayan amarya guda ba zai shiga biki da wannan ba. Musaya zai yi, ya ba da tsohuwa ya yi ciko ya karɓi sabuwa. Kafin nan sai ya kwashe kayansa. A hanyar Bata ya tsaya wajen wani mai tebur, Abdulgani, mai caja da iyafis da memori a jere cikin kwalaye masu ƙyalli.

"Babba nake so, wanda zai ɗauke komai."

"Ga ɗan giga ɗari biyu da hamsin da shida. Wannan ko gidanku ka zuba a ciki zai shiga."

Farashin ya yi daɗi, daɗin da ya kamata ya ba shi tsoro. Maimakon haka sai ya ce a haɗa masa da filash irinsa, wanda zai soka a talabijin ranar biki kowa ya ga Kaka.

Kuma fa kar ku ce bai gwada ba. Ya gwada, irin gwajin da ni da ku muke yi. Ya sa memorin a waya, waya ta nuna giga ɗari biyu da wani abu, fanko. Ya tura bidiyon leshi biyu, ya buɗe, suka yi ras. Shi ke nan. Ya zauna a shago ya shiga kwasa: bidiyon kaya, ƙwallayen da ya sauke, wasannin barkwanci, hotunan sallah. Ba kwafa yake ba, mayarwa yake, duk abin da ya tafi memori ya bar waya. Na Kaka ya bari sai ƙarshe, wai shi ne mai muhimmanci, a yi shi a nutse. Ya tafi lafiya, babu wani saƙon matsala. Ga sunansa, ga nauyinsa, har ɗan hoton fuskarta da ɗankwali yana nan a jiki. Bai buɗe ba. Tun rasuwarta bai iya kallonsa ba, in ya ji muryar nan sai ya rasa inda zai sa kansa.

Ya zare memori, ya goge wayar gaba ɗaya da hannunsa, ta koma kamar ranar da aka ƙera ta, ya miƙa wa mai musaya. Ya fito yana ɗaukar kansa hoto.

Biki ya matso, gida ya cika da 'yan uwa daga Maiduguri, tsakar gida duk ƙamshin humra da hayaniyar yara. Khairiyya ta tare shi a zaure.

"Yaya, saƙona yana nan ko?"

"Haba Hajiya amarya. Yana banki."

Da ta wuce ya ce bari dai ya zuba shi a filash tun da wuri. Ya taɓa bidiyon. Sikirin ya yi baƙi, waya ta ce ba za ta iya buɗe wannan fayil ba. Ya sake taɓawa. Ya kashe waya ya kunna. Ya sauke wata manhajar kallo, ita ma ta ƙi. Ya buɗe bidiyon leshi, leshi ya fito yana walƙiya, ga muryarsa: "Hajiya saura kala biyu." Ya gangara ƙasa. Na farko-farko duk suna yi. Daga wani wuri zuwa ƙasa, babu wanda ya buɗe. Hotunan sallah sun zama toka-toka.

Ya tari adaidaita sahu, bai ko yi ciniki ba, sai Sabon Gari.

A wani layi da ake gyaran kwamfuta akwai shagon Chidinma, wadda 'yan Kwari suke kai wa laftof in ta ƙi tashi. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta har da karin Kananci.

"Madam, taimako. Bidiyo ne ya ƙi buɗewa. Ina jin bairos ne."

"Kowa bairos. Kawo mu gani. Tun da ya ƙi, ka ƙara zuba wani abu a kai?"

"A'a."

"Ka yi fomat?"

"A'a wallahi."

"To ka yi hankali sau ɗaya a yau."

Ta sa memorin a ɗan gidan da ake soka shi a kwamfuta, ta tura ɗan makullin gefe don kar kwamfuta ta rubuta komai a kai, ta soka. Ga fayil ɗin nan, da suna da kwanan wata da nauyi. Hamzat ya nuna da yatsa kamar ya ga ɗan uwansa a tasha.

"Ga shi nan! Kin gani, yana nan!"

Ta buɗe shi da wata manhaja mai nuna ainihin abin da ke cikin fayil. Na leshi ta fara buɗewa, sikirin ya cika da lambobi da haruffa a cakuɗe. Sannan na Kaka. Sifili. Layi bayan layi, sifili. Ta ja ƙasa, ta ja har ƙarshe, babu ko ɗigo ɗaya da ya bambanta.

"A ina ka sayi wannan?"

Ya faɗa mata. Ya ciro filash ɗin ma, yana cikin kwalinsa ko ɓarewa bai yi ba.

"Yauwa, wannan babu komai a ciki, shi za mu gwada ka gani da idonka."

Ta soka shi ta kunna wata manhaja. Wani allo mai ƙananan akwatuna ya fito, ta ce kowane akwati wani yanki ne na filash ɗin, daga farkonsa har ƙarshen da yake iƙirari. Manhajar tana zuwa wurin ta rubuta abu, ta dawo ta karanta ta ga ko yana nan. Akwatuna suka fara yin kala. 'Yan kaɗan a sama kore. Sauran ja, ja, ja, har allon ya koma kamar an yanka rago a kai.

"Koren nan shi ne gaskiyarsa," in ji ta. "Bai wuce giga takwas ba. Sauran duk baki ne."

"Amma waya ta nuna min ɗari biyu da..."

"Waya tambayarsa take yi, kai nawa ne? Ya ce ni kaza ne. Ta yarda. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa a ciki da aka sauya wa lissafi don ya riƙa faɗin haka. Ko fomat ka yi, abin da zai faɗa ke nan. Kai ba a Kwari kake ba? In aka kawo maka bandir an rubuta yadi hamsin a jiki, rubutun kake yarda da shi?"

"Warwarewa muke mu auna."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe. Wani sai ka tarar kwali aka naɗa a ciki."

"To kai yadi biyun farko ka ja, ka ga suna da kyau, ka biya."

Hamzat ya nemi kujera ya zauna. Ta ci gaba, a hankali yanzu. Duk abin da ya fara zubawa ya samu wuri na gaske. Da wurin ya cika, memorin bai ce ya cika ba, ya ci gaba da karɓa yana zubarwa. Sunan fayil da nauyinsa ana rubuta su a wani ɗan wuri daban a farko, shi ya sa suke nan. Wani irin ma, in ji ta, komawa yake ya hau kan na farko ya taka su, a rasa duka.

"To a dawo da shi mana. Ba kuna da abin dawo da wanda aka goge ba? Ko nawa ne..."

"Ba maganar kuɗi ba ce, Malam Hamzat. Wanda aka goge, wani lokaci sawunsa yana nan, sai mu bi. Wannan bai taɓa sauka a nan ba. Zan bincika maka katin gaba ɗaya don hankalinka ya kwanta, amma kar in yi maka ƙarya."

Ta bincika. Ya zauna yana kallon layin da ke tafiya a sikirin kamar mai jiran likita. Aka kira azahar, ya je ya yi, ya dawo. Abin da ya fito: leshi, atamfa, ƙwallo, da wani ɗan barkwanci yana rawa da bokiti a ka.

"Tsohuwar wayar fa?" ya ce. "In na samo ta?"

"Ka goge ta gaba ɗaya?"

"Da hannuna."

"Wayoyin yanzu a kulle suke ajiye komai. In ka yi wannan gogewar, makullin ne ake jefarwa. Ko ka kawo min ita, ba abin da zan iya karantawa."

Duk da haka ya kira mai musaya. Aka ce wayar tuni wani baƙo ya saya, ba a ma san daga wane gari yake ba.

Chidinma ta ga yadda ya yi zuru, ta tambaye shi mene ne a ciki. Ya gaya mata. Ta ce, "Kai. Sannu." Sannan ta zare katin ta sa masa a 'yar leda.

"Na gaba in ka saya, ko a wajena ne, kawo shi fanko kafin ka sa komai. Wannan na sauri ne na nuna maka. Akwai cikakken gwaji, a cika shi taf har bakinsa, a karanto duka a ga ko ya dawo daidai. Yana cin awoyi, babba ma ya wuni. Kuma abin da ba ka da na biyunsa, kwafa ake yi, a buɗe a kalla har ƙarshe, a ajiye a wuri biyu, sannan a goge na asali."

"Madam, yanzu kike gaya min."

"Yanzu ka zo."

Daga nan ya nufi Bata da niyyar kifar da teburin Abdulgani. Ya tsara zagin ma a hanya, har da guda biyun na Kanuri. Ya isa ya dangwara masa filash.

"Kayan bogi kake sayar wa mutane! Giga takwas ne a ciki!"

Abdulgani ya ɗauka ya jujjuya. "Bogi kamar yaya, yallaɓai? Ga rubutu nan. A kwali nake saro su, haka suke zuwa. Ni ma memori irinsa ne a wayata, duba." Ya ciro waya. "Bidiyon sunan 'yata ma a ciki na sa, wancan watan. Tsaya ka gani."

Ya taɓa bidiyon. Sikirin ya yi baƙi. Ya sake taɓawa. Ya goge gilashin da bakin rigarsa ya kuma taɓawa. Ya ɗago ya kalli Hamzat.

"Ɗazu-ɗazu fa... a'a, tun ranar ban buɗe ba."

Zagin ya maƙale. Wa za ka zaga? Suka tsaya su biyu a bakin titi, adaidaita suna ta hon, kowa da nasa bidiyon da ya ɓace. Can Abdulgani ya ce da ƙaramar murya, "In canza maka wani?" Ya miƙa hannu kan tebur, sai kuma ya janye da kansa.

Hamzat ya tako da ƙafa har Fagge. A hanya ya gwada tuno maganar Kaka. Yana jin sautin a kunnensa, hawa da saukar muryar, amma kalma ko ɗaya ba ta kamuwa. Yana wajen, shi ya riƙe wayar, shi kaɗai ne a duniya ya ji saƙon nan, kuma bai san me aka ce ba. Ya tuna lokacin ma rabin hankalinsa yana kan batir, kar ya mutu a tsakiya.

Wata zuciyar ta ce ya yi shiru har ranar, ya soka filash, in ya ƙi ya ce talabijin ce. Wata ta ce ya ƙirƙiro: Kaka ta ce ki yi haƙuri, ki bi miji, ki riƙe salla. Wace kaka ce ba ta faɗin haka? Ya san dai Kaka Falmata ba ta sa an ɗaura mata ɗankwali don ta faɗi abin da kowa zai faɗa ba.

Ya samu Khairiyya a tsohon ɗakin Kaka, an gama zana mata lalle, hannuwa a sama tana jiran ya bushe. Ya ce wa ƙawayenta su ba su wuri. Ya tsuguna a bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi wa ƙanwarsa ba, ya faɗa mata duka, tun daga tebur har sifili.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Babu ko kaɗan? Ko muryar kawai?"

"Babu."

"To me ta ce? Kai kana wajen."

"Khairiyya, kin san ba na ji."

Hawaye ya zubo mata, ga hannu duk lalle ba damar sharewa. Ya ɗauki gefen mayafinta ya goge mata, wani ya sake zubowa.

"Faɗa min abin da ka gani to."

Ya faɗa. Koren ɗankwali ne, mai zaren zinariya. Kaka ta kira sunan Khairiyya a farko, ta kuma kira a ƙarshe. A tsakiya ta yi dariya har tari ya kama ta, ya ba ta ruwa, ta ture kofin ta ci gaba. Akwai inda ta nuna ƙasan gado, inda kaskon turarenta yake. Akwai inda ta ɗaga yatsa tana kaɗawa, irin na gargaɗi. Daga baya ta buɗe tafukanta ta daɗe tana addu'a, shi ma ya ce amin bai san a kan me ba.

"Dariyar me ta yi?"

"Ban sani ba."

"Kafin ta nuna kaskon ne ko bayan nan?"

Ya rufe ido ya yi ta ƙoƙari. "Ban sani ba, Khairiyya."

Ta ce ya nuna mata katin. Ya mayar da shi waya, ya kai mata fuska tunda ba ta iya riƙewa. A sabuwar wayar ko ɗan hoton fuskar babu, sai suna, da kwanan watan ranar da aka ɗauka, da nauyin abin da babu. Ta daɗe tana kallo.

"Kar ka goge. Ka sa min a cikin kaskon, da shi zan tafi."

Ranar kai amarya iyaye da gwaggwanni suka yi nasu faɗan, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo inda Kaka za ta yi magana, ba a kunna komai ba. Khairiyya ta ɗan jira a cikin lulluɓi, aka kama ta aka fita. Hamzat yana biye da kasko a hannu, sabuwar wayar tana aljihu, ko hoto ɗaya bai ɗauka ba.

To jama'a, ga tambayata. Da ku ne a bakin ƙofar nan, amarya ta ce me Kaka ta ce, za ku haɗa mata 'yan kalmomi masu daɗi ta tafi da su, ko za ku ce ban sani ba kamar Hamzat? Ku faɗa min a ƙasa. Kuma wanda yake da abin da ba shi da na biyu a memori, ya je ya buɗe na ƙarshen da ya zuba kafin ya ba ni amsa.